Shimfiɗa, Hauhawa da Murfi: Tarihin Gajeren Wasan Ban Dariya Daga Tashe Zuwa Dandamali

1.0 Gabatarwa

Wani abu da makarantun ƙasar Hausa suka daɗe da sabawa da shi shi ne daren wasanni, wanda akan shirya a ƙarshen zangon karatu ko ranar ba da kyaututtuka. A irin wannan dare akan jera abubuwa iri-iri a bisa dandamali ɗaya: a yi waƙa, a yi rawa, a yi muhawara, sa'an nan a tsarma gajerun wasannin ban dariya a tsakani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gajerun wasanni ba ya wuce 'yan mintoci, kuma yana tsaye da ƙafarsa, ba ya jingina da wanda ya gabace shi ko wanda zai biyo bayansa.

Masu nazarin wasan kwaikwayo na Hausa sun fi mayar da hankali ga dogayen wasanni da aka buga a littattafai, saboda haka gajeren wasan ban dariya bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Har ma akan ɗauka cewa tsarinsa baƙo ne, Turawa suka zo da shi tare da makarantar boko. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙashin bayan tsarin yana nan cikin wasannin gargajiya tun kafin a kafa dandamali na farko a makaranta. Abin da dandamali ya sauya shi ne yadda ake rufe wasan, kuma a nan ne masu shirya shi suka fi yin tuntuɓe. Za a fara da tashe, irin wanda yara suke yi a garuruwan kudancin Kano kamar Rano da maƙwabciyarta Kibiya, a bi ta kan 'yan kama, a gangaro zuwa makaranta da gidajen rediyo da talabijin.

2.0 Matakai Uku na Wasan

Za a yi amfani da kalmomi uku a cikin wannan nazari. Shimfiɗa ita ce farkon wasa, inda ake sanar da 'yan kallo ko su wane ne 'yan wasa, da inda suke, da abin da ya haɗa su. Hauhawa ita ce tsakiyar wasa, inda ake maimaita abu guda, amma kowane maimaici ya ɗara na bayansa tsanani. Murfi kuwa shi ne magana ko aiki na ƙarshe, wanda yake juya abin da aka shimfiɗa tun farko ta fuskar da ba a zata ba, ya sa dariya ta ɓarke, wasa ya tsaya nan take. An zaɓi kalmar murfi ne domin aikinsa kamar na murfin tukunya yake: tilas ya yi daidai da bakin abin da zai rufe, kuma da zarar an ɗora shi ba a ƙara zuba kome a ciki.

3.0 Tashe

Tashe wasa ne na watan azumi. Akan fara shi idan wata ya kwana goma, a ci gaba har wajen kwana ashirin. Bayan an sha ruwa sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya, maza su bi ƙofofin gidaje da majalisu da bakin kasuwa, 'yan mata kuma su shiga cikin gidaje. A ƙasar noma irin ta Rano da Kibiya, tukuicin da akan ba su bai wuce ɗan hatsi ko 'yan kuɗi kaɗan ba. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikin waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Tashe.

Idan aka lura da yadda ake fita tashe, za a ga cewa daren tashe daren wasanni ne sosai, sai dai 'yan kallo suna zaune a inda suke, wasannin ne suke zuwa su same su. Mai gida da yake zaune a ƙofar gidansa yakan ga ƙungiya biyar ko shida a dare ɗaya, kowace da wasanta, kowace kuma tana sauri don ta kai ga gida na gaba. Wannan sauri shi ya tilasta wa wasan tashe ya zama gajere, ya kuma tilasta masa ya yi shimfiɗarsa da shiga maimakon dogon bayani.

Wasan da ya fi fito da matakan nan uku a fili shi ne wanda ake kira Ka Yi Rawa. Kalmomin waƙarsa sukan bambanta daga gari zuwa gari, amma tsarinsa ɗaya ne. Yaro yakan yi shigar malami: ya liƙa gemun auduga, ya naɗa rawani, ya sa babbar riga, ya riƙe allo ko carbi. Tun kafin ya buɗe baki an riga an gama shimfiɗa, domin duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa mai wannan kama mutum ne mai kamun kai, wanda ba a tsammanin ganinsa a fagen rawa. Sai 'yan amshi su zarge shi da cewa an gan shi yana rawa, shi kuwa ya musa.

Hauhawar wasan tana cikin maimaita zargin da maimaita musun. 'Yan amshi ba su sauya maganarsu, sai dai su ƙara mata kaifi da sauri. Malam ne yake sauyawa. Da farko yakan musa cikin natsuwa, daga baya ya harzuƙa, ya ɗaga murya. Yaron da ya iya wasan yakan bar kafaɗarsa ko ƙafarsa ta soma bin kiɗan alhali bakinsa yana ci gaba da musu, ta yadda 'yan kallo za su ga jiki yana ƙaryata baki. A ƙarshe malam yakan kasa daurewa, ya cashe da rawa. Wannan rawa ita ce murfi. Ba ta zo da wani sabon abu daga waje ba. Abin da aka ambata tun jimlar farko shi ne ya tabbata a idon jama'a, kuma wanda ya fi kowa musunsa shi ya tabbatar da shi.

Ba kowane wasan tashe ne yake da murfi irin wannan ba. A wasan Jatau Mai Magani, alal misali, yaro yakan yi shigar mai tallar magunguna, ya dinga jero sunayen itatuwa da cututtukan da suke warkarwa. A nan akwai shimfiɗa, akwai jeri mai iya tsawaita ko gajarcewa, amma babu wata juyawa a ƙarshe. Wasan yakan tsaya ne a lokacin da mai gida ya miƙo tukuici, yara su yi masa addu'a su wuce. Wato a irin wannan wasa hannun mai kyauta ne yake rufewa. Wannan bambanci tsakanin wasa mai rufe kansa da wasan da kyauta take rufewa shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya faru daga baya.

4.0 'Yan Kama

Tashe na yara ne, na wata guda a shekara. 'Yan kama kuwa manya ne waɗanda ban dariya ta zama sana'arsu, suna bin kasuwanni da wuraren bukukuwa. C. G. B. Gidley ya buga nazari a kan sana'ar tasu a shekarar 1967, haka kuma Graham Furniss ya tattauna a kansu a littafinsa na 1996 game da adabin Hausa.

Dabarar ɗan kama ita ce ya ari wata siga mai nauyi wadda kowa ya sani, ya zubar da abin da ke cikinta, ya cika ta da zancen abinci. Yakan ɗauki muryar mai wa'azi, ko karin waƙar wani sanannen makaɗi, ko kirarin jarumi, ya riƙe sigar ba tare da ya ɓata ta ba, amma abin da yake yabo ko yake yaƙi da shi tuwo ne da fura da nama. Shimfiɗarsa ke nan: jama'a sun gane siga, sun gane kuma cewa abin da aka zuba a ciki bai dace da ita ba. Hauhawarsa kuma ita ce ƙara nisa tsakanin sigar da abin da ke cikinta. Gwargwadon yadda ya ƙara murtuke fuska da nauyin murya, gwargwadon yadda kwaɗayin da yake bayyanawa yake ƙara zama abin dariya.

Akwai darasi biyu da dandamali ya gada daga nan. Na farko, mai ba da dariya ba ya dariya. Da zarar ɗan kama ya murmusa, ya nuna ya san wasa yake yi, to nauyin sigar ya zube, dariyar ma ta bi shi. Na biyu, ɗan kama yana auna jama'arsa. Idan ya ga wata gaɓa ta karɓu sai ya ja ta, idan ya ga an yi sanyi sai ya tsallake. Ba shi da ƙayyadajjen lokaci, kuma kamar mai wasan Jatau, kyauta ce take kawo ƙarshen fitowarsa. Saboda haka gwanintarsa ta fi ƙarfi a hauhawa, ba ya matsa wa kansa neman magana ɗaya tak da za ta rufe kome.

5.0 Makaranta da Dandamali

A cikin shekarun 1930 Dokta R. M. East, wanda ya shugabanci hukumar fassara da talifi a Zariya, ya fitar da littafi mai ɗauke da gajerun wasanni shida na Hausa domin amfanin makarantu. Daga wannan lokaci wasa ya sami abubuwan da bai saba da su ba: rubutaccen zance da za a haddace, wuri na musamman da ya raba 'yan wasa da 'yan kallo, da kuma jerin abubuwan da za a gabatar ɗaya bayan ɗaya. A dandamalin makaranta babu mai gidan da zai miƙo hatsi a tashi. Tilas wasan ya san inda zai tsaya da kansa, domin masu waƙa suna jira a bayan labule.

Masu shirya wasanni sun bi hanya biyu wajen cike wannan gurbi. Hanya ta farko ita ce rufewa da darasi. Makaranta wurin koyarwa ce, hukuma kuma tana son a yi amfani da wasa wajen wayar da kai, don haka aka sami wasanni irin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, mai jan hankali ga tsabta da kiwon lafiya. A irin wannan tsari ban dariya tana tafe ne a matsayin ɗan rakiya, abin da ake so a tashi da shi shi ne gargaɗi.

Hanya ta biyu ita ce a bar zambo ya yi aikinsa. Malam Aminu Kano, sa'ad da yake ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, ya shirya wasanni masu sukar halayen jama'a da na masu iko. Daga cikinsu akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Sunan na farko kaɗai ya isa abin nazari. Tambaya ce da take ɗauke da amsarta, tana shimfiɗa mutum mai ganin ya fi ƙarfin cuta, tana kuma sanar da inda zai ƙare. Mai kallo ya san za a cuci mutumin, abin da ya zo gani shi ne ta yaya. Wannan ita ce dabarar wasan Ka Yi Rawa, an ɗauke ta daga ƙofar gida an kai ta fagen sukar zamani.

Da gidajen watsa labarai suka shigo, sai lokaci ya ƙara ƙuntata. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sun fara ne a rediyo kafin a mayar da su littafi. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya zama makarantar 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi, mai wasan Samanja, wanda ya rasu a 2023, da Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Samanja ya gina ban dariyarsa a kan tsawar soja da gaurayen Hausa da Turanci irin na bariki, wato siga mai nauyi da aka cika da abin da bai kai ta nauyi ba, kamar dai yadda ɗan kama yake yi. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sai finafinan bidiyo suka buɗe sabon fage, inda Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi fice. Finafinan ban dariya na wannan zamani, waɗanda ake yi wa laƙabi da camama, sau da yawa jerin gajerun fitowa ne da aka ɗinke wuri ɗaya, kuma ƙarfinsu yana ga hauhawa da zancen da ɗan wasa yake ƙirƙira nan take. Ta wannan fuska sun fi kusa da ɗan kama na kasuwa bisa ga wasan makaranta.

6.0 Misali Don Bayani

Domin a ga yadda matakan suke aiki idan aka haɗa gadon gargajiya da bukatar dandamali, ga wani wasa da aka ƙaga musamman saboda wannan nazari. 'Yan wasa huɗu ne, kayan wasa kuwa ƙwaryar fura da ludayi da tabarma, kuma bai kamata ya wuce minti shida ba.

Wuri shi ne bakin kasuwa a Rano. Mai unguwa yana zaune a kan tabarma. Tanko da Mati suka shigo suna jayayya a kan ƙwaryar fura, kowa ya riƙe gefe ɗaya. Mai fura tana biye da su a baya.

TANKO: Ranka ya daɗe, tawa ce!
MATI: Ranka ya daɗe, wallahi tawa ce!
MAI FURA: Baba, ai ni...
MAI UNGUWA: Yi shiru, baiwar Allah, maza suna shari'a.

Shimfiɗa ta ƙare a layi huɗu. An san rigima, an san mai hukunci, an kuma dasa mai fura a idon jama'a ba tare da an bar ta ta faɗi abin da ke bakinta ba.

Hauhawa tana da hawa uku. A hawa na farko Tanko ya ce shi ya sa a zuba yaji, Mati ya ce tasa babu yaji. Mai unguwa ya ce shari'a ba ta tafiya da jita-jita, ya ɗebi ludayi ɗaya ya sha, ya ce bai tantance ba. A hawa na biyu aka koma kan nono, ko na yau ne ko kwantai. Ya sha ludayi uku, yana lumshe ido kamar mai zurfin tunani. A hawa na uku Mati ya ce akwai gaya a ƙasan tasa wanda bai damu ba. Mai unguwa ya ajiye ludayi, ya kafa kai a ƙwarya har sai da ya ga gindinta. A ƙarshen kowane hawa mai fura takan yunƙura za ta yi magana, a tsawata mata. Sa'an nan murfi:

MAI UNGUWA: An gama bincike. Ke kuma, me kike ta son faɗa?
MAI FURA: Baba, ai ba a biya ni ba.
MAI UNGUWA: To, jama'a, furar nan ta wane ce?
TANKO DA MATI (kowa yana nuna ɗan'uwansa): Tasa ce!

Abin lura shi ne murfin kalmar farko ce ta wasan, an sauya mata gaɓa ɗaya, tawa ta koma tasa. Mai fura kuma ba daga sama ta faɗo ba, tun farko tana nan, har 'yan kallo sun ƙosa su ji abin da za ta ce.

Akwai hanyoyi uku da irin wannan wasa yake lalacewa, kowace da alamarta. Idan aka tsawaita shimfiɗa, aka fara da gaishe-gaishe da labarin yadda aka zo kasuwa, za a ji surutu ya tashi a bayan zaure kafin a kai ga ludayi na farko. Idan hawan bai ɗara juna ba, misali mai unguwa ya kafa kai tun a karo na farko, za a ji dariya ta biyu ta gaza ta farko ƙarfi, alhali kamata ya yi ta fi ta. Idan kuma aka ƙara wani abu bayan murfi, wani dattijo ya fito ya yi bayanin illar cin hanci da rashin gaskiya, za a ga tafin da ya soma tashi ya mutu, jama'a suna jiran a gama. Wannan kuskure na uku shi ya fi yawa a makarantu, kuma tarihinsa a bayyane yake: gadon rufewa da darasi ne yake bin wasan da ya riga ya rufe kansa. Darasin yana cikin ƙwaryar da mai unguwa ya shanye, kowa ya gan shi da idonsa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa shimfiɗa ta hanyar shiga da hauhawa ta hanyar maimaici tsofaffin dabaru ne a wasannin Hausa, kuma murfi ma yana nan a wasu wasannin tashe. Sai dai a gargajiyance ba dole ne wasa ya rufe kansa ba, tun da kyauta tana iya rufe shi. Dandamali ne ya mayar da murfi wajibi, makaranta kuma ta yi ta musanya shi da wa'azi. Malamin da yake koyar da wasan kwaikwayo a Rano ko Kibiya ba ya bukatar ya fara da misalin wata ƙasa. Ɗalibansa sun yi tashe, ko sun kalla. Ya isa ya sa su yi Ka Yi Rawa da Jatau Mai Magani a aji, sa'an nan ya tambaye su wanne ne zai iya tsayawa ko da ba a ba da tukuici ba, da kuma dalili. Ga masu bincike kuwa, akwai aiki a gaba na ɗaukar wasannin tashe gari-gari kamar yadda ake yin su, tare da kula da daidai inda kowane wasa yake tsayawa da abin da yake tsayar da shi, domin waƙar kaɗai idan aka rubuta ba ta nuna wannan.